Rawayar da ke kan gilashi: yadda ake auna giɓin makamashi na siririn shafe

Ɗan gilashin bai fi tsawon yatsa ba, irin wanda ake ɗiga jini a kai a ɗakin gwaji na asibiti. An wanke shi tas, an tsoma shi a tsaye cikin kofin gwaji mai ɗauke da ruwan gishirin kadmiyam, da amoniya, da wani sinadari mai suna tiyoyuriya. An ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 70. Da farko ruwan garau yake, sai a hankali ya soma juyawa ruwan ɗorawa. Bayan kamar sa'a guda aka zaro gilashin, aka ɗauraye, aka shanya. Idan ka ɗaga shi ka fuskanci taga za ka ga waje sarai, amma duk abin da ka hanga ya rine rawaya.

Abin da ya manne a jikin gilashin nan shafe ne na kadmiyam salfaid, wanda masu ilimin sinadarai ke rubutawa CdS. Kaurinsa wajen nanomita 200 ne, wato sai ka jera irinsa fiye da ɗari uku kafin su kai kaurin silin gashi guda. Masu bincike na kiran irin wannan siririn shafe, kuma tambayar farko da suke yi masa ita ce: nawa ne giɓin makamashinsa? Amsar tana cikin rawayar nan da ido ke gani. Aikin da ya rage shi ne a mai da launin ya koma lamba, kuma a san iyakar gaskiyar lambar.

Mene ne giɓin?

A cikin kowane abu daskararre akwai ilektron, ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu ita ce wutar lantarki. A ƙarfe irin su tagulla, ilektron ɗin sake suke, da an ɗan tura su sai su kama hanya. A abubuwan da ake kira semikondakta kuwa, irin su silikon da CdS, yawancinsu a ɗaure suke. Kwatanta wani kwari mai zurfi da gaɓa biyu. Ilektron duk sun taru a gaɓar nan, sun cika ta maƙil, babu wurin motsi. Gaɓar can fili ne fetal, duk wanda ya isa can zai yi ta yawo ya ɗauki wuta. Tsakanin gaɓoɓin babu dutsen takawa ko ɗaya. Ko dai ka yi tsalle guda ka dira can, ko ka zauna inda kake. Ƙarfin da ake bukata don wannan tsalle shi ne giɓin makamashi, ana rubuta shi Eg, ana auna shi da ma'aunin ilektron-bolt, wanda ake taƙaitawa eV.

Haske ne ke bayar da ƙarfin tsallen. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, ana kiran kowace ƙwaya foton, kuma kowane launi da ƙarfin ƙwayarsa. Masu sauraron rediyo sun san maganar gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma zango gare shi, sai dai nasa da nanomita ake auna shi maimakon mita. Jan haske yana wajen nanomita 700, shuɗi da shunayya suna gangarowa zuwa 400. Iya gajartar zango, iya ƙarfin ƙwayar. Lissafin mai sauƙi ne, a raba 1240 da tsawon zangon:

```
hν (eV) = 1240 / λ (nm)
```

Alamar hν ita ce ƙarfin foton, λ kuma tsawon zango. Jan haske na da kusan 1.8 eV, shunayya kusan 3.1 eV.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce, a haske na yau da kullum foton guda ne ke ɗaga ilektron guda. Ba a haɗa karo-karo. Ko da ƙwayoyin jan haske miliyan sun faɗo kan shafen, muddin kowace ɗaya ba ta kai ƙarfin giɓin ba, wucewa za su yi kamar babu komai a gabansu. Wadda ta kai kuwa, shafen zai shanye ta, ilektron ya tsallake. Giɓin CdS mai kyau a zafin ɗaki 2.42 eV ne, wanda ya yi daidai da nanomita 512, a tsakanin kore da shuɗi. Shafen yana shanye shuɗi da shunayya, ya bar kore da rawaya da ja su wuce, haɗuwarsu kuma ido na ganinta rawaya. Wurin da shafen ke juyawa daga bari-ya-wuce zuwa shanyewa shi ake kira bakin shan haske.

Wannan lamba ce ke yanke hukuncin inda abu zai yi amfani. Faifan sola da ke kan rufin gidajenmu na silikon ne, giɓinsa 1.12 eV. Ƙwayar da ba ta kai haka ba ta tafi a banza, wadda ta zarce kuma rararta zafi take komawa. Lissafin da William Shockley da Hans Queisser suka fara a 1961, aka tace shi daga baya, ya nuna giɓin da ya fi dacewa da hasken rana yana wajen 1.3 zuwa 1.4 eV, kuma ko da shi faifai mai hawa ɗaya ba zai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin rana ba. CdS da giɓinsa mai faɗi bai dace ya zama mai shan rana ba. An daɗe ana sa shi a matsayin taga a saman wasu faifan sola na siririn shafe, ya bar haske ya ratsa zuwa ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da na'ura ke gani

Na'urar da ake aikin da ita sunanta sifektirofotomita. Akwati ce da ake ajiyewa kan tebur, da fitilu a ciki da wani abu mai tsefe haske launi-launi. Tana aika zango ɗaya bayan ɗaya ta cikin gilashin, ta auna kashi nawa ya fito ta ɗaya ɓangaren. Wannan kason shi ake kira T.

Kafin a sa shafen akwai aiki biyu da ba a tsallakewa. Na farko, tun da tsoma gilashin aka yi, shafen ya kama fuska biyu. Sai a sami auduga da ruwan asid mai rauni a goge fuska ɗaya, in ba haka ba hasken zai ratsa shafe biyu alhali lissafi na ɗaya ake yi. Ana yin haka da safar hannu, a kuma tara ruwan wankin a wuri na musamman, domin kadmiyam guba ne. Na biyu, a fara gwada na'urar babu shafe, ta san matsayin da za ta ɗauka ɗari bisa ɗari. Ana kuma auna tsuran gilashi irin wanda aka yi shafen a kai, don a tabbatar shi kansa ba ya shan haske a wurin da ake dubawa.

Idan aka zana abin da na'urar ta bayar, za a ga layi ya taso daga ɓangaren ja yana sama, ya zo wajen nanomita 520 ya gangara da sauri, ya kwanta ƙasa a ɓangaren shuɗi. Da a ce gangaren nan a tsaye yake cak kamar bango, da an gama magana, sai a duba inda bangon yake a raba 1240 da shi. Amma gangare ne mai faɗi, yana iya cin nanomita arba'in ko hamsin. A wane wuri cikinsa giɓin yake, samansa, tsakiyarsa, ko gindinsa? Mutum uku za su iya nuna wuri uku.

Hanyar da duniya ta fi bi wajen raba wannan gardama tana ɗauke da sunan Jan Tauc, masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Cek, wanda ake furta sunansa Tauts. A 1966, yana aiki a birnin Prague, shi da masu bincike biyu 'yan Romaniya, Radu Grigorovici da Anina Vancu, suka buga bincike kan jamaniyam marar tsarin kiristal. Daga baya Tauc ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar Brown, ya rasu a 2010. Dabarar tasu ita ce kada a tsaya leƙen gindin gangaren inda komai ya cakuɗe. A hau sama kaɗan, inda shan haske ke ƙaruwa bisa doka sananniya, a juya lambobin yadda za su jeru kan layi miƙaƙƙe, sannan a bi layin da baya har inda ya taɓa sifili.

Kamar tankin ruwa ne da famfo ke cikawa ba tare da sauya gudu ba. Ba ka nan lokacin da aka buɗe famfon. Amma idan ka auna ruwan da ƙarfe uku, da huɗu, da biyar, ka ga kowace sa'a ƙarin taƙi ɗaya ake samu, za ka iya komawa baya ka faɗi lokacin da tankin yake wayam.

Mu yi lissafin tare

Lambobin da ke tafe misali ne na koyarwa da na tsara su yi kama da abin da shafen CdS mai kaurin nanomita 200 ke bayarwa. Duk mai kwakuleta ta ɗalibai zai iya bin su.

Matakin farko shi ne a raba hasken da aka shanye da wanda ya yi tsalle ya koma. A ɓangaren ja, inda CdS ba ya shan komai, a misalinmu kashi 70 cikin ɗari ne kawai ke fitowa. Sauran 30 ɗin ba shanye su aka yi ba, fuskar shafen da ta gilashin ne suka mai da su baya kamar madubi. Don haka 0.70 ne rufin da za mu riƙa aunawa daga gare shi. A littattafai ana rubuta wannan rufi (1 − R)², inda R ke nufin kason da ya koma baya.

Mataki na biyu, a nemo α, wato ƙarfin shan haske na abin kansa, ba tare da la'akari da kaurinsa ba:

```
α = (1/d) × ln(0.70 / T)
```

A nan d shi ne kauri da santimita, nanomita 200 kuwa 0.00002 ne. Alamar ln maɓalli ce a jikin kwakuleta. Dalilin shigowarta shi ne haske ba ya raguwa daidai-wa-daida a cikin abu. Idan rabin farko na shafen ya cinye rabin hasken, rabi na biyu rabin abin da ya saura zai ci.

Mu ɗauki nanomita 496, wato 2.50 eV. Na'ura ta ce T kashi 17.5 ne, wato 0.175. Raba 0.70 da shi, ka sami 4. Danna ln, ka sami 1.386. Raba da kaurin, α ya zama 69,300 a kowace santimita. Mataki na uku, a ninka α da ƙarfin foton, ya ba da 173,250. Mataki na huɗu, a ninka wannan da kansa, ya ba da kusan biliyan 30. Haka za a yi wa sauran wuraren:

```
λ (nm)   hν (eV)   T (%)   α (cm⁻¹)   (αhν)² ÷ 10⁹
517      2.40      45.0     22,100       3
496      2.50      17.5     69,300      30
477      2.60       9.5     99,900      67
459      2.70       6.3    120,400     106
```

Dubi layin ƙarshe na dama, ka bar na farko tukuna. Daga 30 zuwa 67 ƙarin 37 ne, daga 67 zuwa 106 ƙarin 39 ne. Kusan ɗaya suke, ma'ana ɗigon ukun suna kan layi miƙaƙƙe, kuma duk ƙarin 0.10 eV yana kawo kusan 38. Yanzu a koma baya kamar mai tanki. A 2.50 muna da 30. Don a sauko daga 30 zuwa sifili ana bukatar 30 cikin 38 na taki guda, wato kusan 0.08 eV. Cire shi daga 2.50, ka sami 2.42 eV. Giɓin ke nan. Wannan zane, na (αhν)² a tsaye da hν a kwance, shi ake kira zanen Tauc.

Saura ɗigon farko da muka ajiye. A 2.40 eV ƙwayar haske ba ta kai giɓin ba, bai kamata a shanye ta ba, amma ga shi an sha kaɗan. Wannan shi ne jelar da ke gindin kowane zane. Shafen da aka dafa a kofi ba kiristal ne cikakke ba, yana da gurɓi da tabo da iyakokin ƙananan ƙwayoyi, zafin ɗaki kuma na girgiza atam ɗinsa. Waɗannan kan samar da 'yan matakai a bakin gaɓa, su rage wa wasu ilektron nisan tsalle. Ana kiranta jelar Urbach, da sunan Franz Urbach da ya bayyana ta a 1953. Ba a sa ta cikin layin da ake ja. Amma ba shara ba ce, domin tsawonta na nuna yawan hargitsin da ke cikin shafen. Idan aka gasa shafen a tanda tsarinsa ya gyaru, sau da yawa jelar kan gajarce.

Me ya sa aka ninka da kansa?

Wannan mataki na huɗu shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, domin ba kowane abu ake yi wa haka ba. Giɓi iri biyu ne. A CdS da zinki oksaid da galiyam asinaid, wurin dira yana daura da wurin tashi, ƙarfin foton kaɗai ya isa. Wannan giɓi ne na kai-tsaye, kuma shan haske yana tashi da gaggawa da zarar an wuce shi. A silikon kuwa wurin dirar ya goce gefe. Ban da ƙarfin foton, ilektron na bukatar girgizar atam ta ture shi gefe a daidai wannan lokaci. Haɗuwar abu biyu a lokaci guda ta fi wuya, shi ya sa shan haske a silikon ke tashi sannu-sannu. Dalilin ke nan faifan silikon ke bukatar kaurin maikuromita ɗari da wani abu, alhali abu mai giɓin kai-tsaye maikuromita biyu ko uku sun ishe shi.

Ga giɓin kai-tsaye, ninkawa da kai ke miƙe layin, wato (αhν)². Ga giɓin a-kaikaice, da kuma abubuwa marasa tsarin kiristal irin wanda Tauc ya yi aiki a kai, akasin haka ake yi, a danna maɓallin √ a kan αhν.

Mu ga abin da zai faru idan aka yi wa CdS ɗinmu na biyun bisa kuskure. Ɗigon ukun za su zama 416, da 510, da 570. Ƙarin farko 94 ne, na biyu 60. Wannan ba layi ba ne, baka ne. Amma mai gaggawa zai iya ɗora rula a kai ya ja, ya sami wani abu wajen 2.0 eV, ya rubuta. To 2.0 eV nanomita 620 ne. Shafen da bakinsa ke nan zai shanye kore da rawaya duka, ya fito ja. Gilashin da ke hannunsa kuwa rawaya ne. Gani ya kori ji: idan lambar ta saɓa wa launin da ke gabanka, koma ka duba lissafin.

Ba kullum kuskuren ke bayyana ƙarara haka ba. Idan aka zaɓi ɗan gajeren yanki, kusan kowane baka zai yi kama da layi, har zane biyun su ga kamar sun miƙe. Saboda haka zanen Tauc shi kaɗai ba ya isa ya gaya maka wane irin giɓi abu ke da shi. Wannan sani daga waje ake zuwa da shi, daga abin da aka riga aka tabbatar game da sinadarin, da kuma gwajin hasken eksire da ke nuna ko shafen kiristal ne, kuma wane iri.

Sauran wuraren da ake zamewa

Na farko shi ne mantawa da hasken da ya koma baya. Da mun yi amfani da 1 maimakon 0.70, lambobinmu za su zama 47, da 94, da 139, layin kuma ya sauka a 2.40 eV. Bambancin 0.02 ne kawai a nan, saboda shafen namu na shan haske sosai. Idan shafen ya fi haka siranta, ko fuskarsa na da kaushi tana watsa haske ko'ina, kuskuren yakan girma. Alamarsa ita ce gindin zanen ya ƙi kwanciya kan sifili, ya tsaya a sama ko a can ɓangaren ja. Ana gane shafe mai watsa haske da ido ma, yakan yi dishi-dishi kamar an hura masa ƙura maimakon ya yi ƙyalli.

Na biyu shi ne kaurin da ya wuce kima. Da shafenmu ya kai nanomita 1000, a 2.70 eV hasken da zai fito kusan kashi huɗu ne kawai cikin miliyan. Na'urar makaranta ba ta iya ganin wannan, ɗan hasken da ke yawo a cikin akwatin ya fi shi yawa. Sai ta riƙa bayar da lamba kusan ɗaya duk inda aka je, saman zanen ya lanƙwashe ya kwanta. Haka ma idan shafen na da ƙananan huji kamar na allura. In hujin sun kai kashi ɗaya cikin ɗari na fuskar, T ba zai taɓa sauka ƙasa da kashi ɗaya ba. Ɗaga gilashin a gaban fitila mai ƙarfi yakan nuna su kamar taurari. Wurin jan layi, ke nan, yana tsakanin jelar ƙasa da lanƙwasar sama, kuma a nan hannun mutum ke shiga. Matsar da rula kaɗan na iya sauya amsa da 0.05 eV ko fiye.

Akwai kuma abin kwantar da hankali guda. Auna kaurin siririn shafe abu ne mai wuya, sau da yawa ana kuskurensa. Amma idan ka ɗauka 200 ne alhali 250 ne, duk lambobin α za su sauya da kaso ɗaya, layin zai ƙara tsayuwa, amma inda yake taɓa sifili ba zai motsa ba. Gwada da kanka, ninka 30 da 67 da 106 da kowace lamba, za ka dawo 2.42.

Na uku shi ne gilashin kansa. Gilashi na yau da kullum yana soma shan haske ƙasa da wajen nanomita 350. Ga CdS wannan ba damuwa ba ce, bakinsa na can nesa. Amma mai auna abu mai giɓin da ya kai 3.6 eV ko fiye, idan ya yi shafensa kan irin wannan gilashi, yana iya auna bakin gilashin ya ɗauka na shafen ne. Irin wannan aiki sai da gilashin kwaz, wanda ke barin haske ya wuce har wajen nanomita 200.

Na huɗu, a ɓangaren ja layin T yakan yi hawa da sauka kamar kunyoyin gona. Hasken da ya dawo daga saman shafen ne ke karo da wanda ya dawo daga ƙasansa, irin abin da ke sa launuka a kan ruwan da man fetur ya zuba. Wannan ba shan haske ba ne, kuma wanda bai sani ba yana iya ɗaukar gangaren kunya ɗaya a matsayin baki. Wanda ya sani kuwa riba yake ci, domin a 1983 Swanepoel na Afirka ta Kudu ya nuna yadda za a fitar da kaurin shafen daga waɗannan kunyoyi.

Idan lambar ta bambanta da ta littafi

A ce an kiyaye duk wannan, amma aka sami 2.55 maimakon 2.42. Ba lallai kuskure ba ne. Idan ƙwayoyin kiristal ɗin da ke cikin shafen ƙanana ne ƙwarai, 'yan nanomita kaɗan, ilektron na matsuwa a ciki, giɓin ya faɗaɗa, rawayar ta koɗe. Idan aka cusa wa abu ilektron masu yawa, suna cika wuraren dira na kusa a gaɓar can, sai mai zuwa ya yi tsalle mafi nisa. Wannan shi ne gocewar Burstein da Moss, wadda su biyun suka bayyana kowa da kansa a 1954, ana kuma ganinta sosai a zinki oksaid da aka sa wa alminiyam. Zafi ma na taɓa giɓi. Na silikon 1.17 eV ne a matsanancin sanyi, ya sauko 1.12 a zafin ɗaki.

Abin da ake samu daga zanen shi ya sa ake kiransa giɓin da haske ya nuna. Kiyasi ne mai kyau, mai arha, wanda ake gamawa cikin rabin yini, kuma ya fi ƙarfi wajen kwatanta shafe da shafe da aka auna da na'ura ɗaya, aka ja musu layi a yanki ɗaya. Wanda ya rubuta 2.4187 eV ya yi alkawarin da hanyar ba za ta iya cikawa ba. Rubutun gaskiya shi ne 2.42, da ƙari ko ragin wajen 0.03 zuwa 0.05, tare da bayanin wane irin giɓi aka ɗauka, daga ina zuwa ina aka ja layin, da yadda aka yi da hasken da ya koma baya.

Ɗalibin da ya kawo maka lamba ita kaɗai, nemi ya nuna maka zanen duka, da jelarsa da lanƙwasarsa. Sannan ka karɓi gilashin ka ɗaga shi wajen taga. Idan ya ce 2.4 kuma ka ga rawaya, lissafinsa da shafensa sun yi shaida ɗaya.